Babbar Riga Ta Zo Ta Ƙarshe

Shagon surfani na Alhaji Mala yana bakin titi a Takur, kuma duk wanda ya san aikin babbar riga a Dutse ya san shi. Injinan kwamfuta biyu ne a ciki, irin waɗanda ake ɗora wa zane su yi ta sukar yadi da kansu. A can lungu, kusa da taga, akwai tabarma da buzu, wurin zaman Malam Talha ke nan shekara ashirin da shida. In inji ya gama shimfiɗa aikin babbar riga, shi ke karɓa ya yi cin wuya, ya haɗa aljihu, ya sa shafi, ya bi duk inda inji ya yi gaggawa ya gyara da allura. Ba shi da albashi. Kowace riga naira dubu bakwai ake ba shi, kuma da wannan dubu bakwai-bakwai ɗin ya kai 'yarsa Murja har ta yi difloma a lissafin kuɗi. Da ta gama, shi da kansa ya roƙar mata aiki wurin Alhaji, aka ba ta tebur a bakin ƙofa da babban littafi da na'urar cirar kuɗi.

Shekararta biyu a teburin nan lokacin da aka yi wani ruwa mai tsawa a tsakiyar watan Agusta. Da rana tsaka ne. Aka ji ƙara kamar an fasa dutse, fitilu suka ɗauke, ɗaya daga cikin injinan ya tsaya da allura a cikin wuyan kaftani, ƙauri ya cika shagon. Makanikin da aka kira daga Kano ya buɗe ya duba, ya ce ƙwaƙwalwar injin ta ƙone, sabuwa naira dubu ɗari tara, kuma sai an biya kafin a sa hannu. Ya nuna ɗaya injin ya ce:

“Wannan kuma kada ku wuce masa awa goma a rana. Ya tsufa. In kuka matsa masa, shi ma zai bi ɗan'uwansa.”

Lokacin kuwa bai yi daɗi ba ko kaɗan. Saura sati huɗu makarantu su koma sabuwar shekara, Maulidi kuma na biye da shi. Shagon cike yake da aiki. Shaddar babbar riga talatin na jere a kan kanta, kaftani ɗari biyu na jiran aikin wuya, makarantun boko da na Islamiyya kuma sun nemi bajon da ake liƙawa a aljihun yunifom har dozin ɗari huɗu. Sauran shagunan garin kowa da nasa lodin, babu mai karɓar na wani.

Washegari Alhaji Mala ya tara su. Mutum ne mai jiki, mai son a gama magana da wuri. Ɗansa Jamilu, wanda ke kula da injinan, yana tsaye a bayansa.

“Abin ba wuya,” in ji Alhaji. “Murja, nawa babbar riga ke bar mana in an cire zare da ladan Malam?”

“Dubu goma sha takwas, Alhaji. Muna karɓar talatin, zare biyar, Baba bakwai.”

“Kaftani fa?”

“Dubu biyar.”

“Bajo?”

“Dubu biyu a dozin.”

“To kun ji. Babba ake fara ɗauka. A sa manyan riguna a inji, in sun ƙare a shiga kaftani. Masu bajo a ba su haƙuri.”

Malam Talha bai ɗago daga rigar da ke cinyarsa ba, amma Murja ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka. Riga talatin, dubu ɗari biyu da goma ke nan a hannunsa. Ta san inda za su tafi tun kafin su zo: rufin ɗakin mahaifiyarta Iyatu da ke yoyo, da buhun gero, da kuɗin makarantar ƙannenta. Ta ce, “To, Alhaji,” ta koma teburinta.

Sai dai hannunta ya riga ya fara abin da aka koya masa. A bayan wata tsohuwar takarda ta rubuta awa goma sau kwana shida sau sati huɗu. Awa ɗari biyu da arba'in. Abin da suke da shi ke nan. Zare akwai, masu kawo aiki akwai, awar inji ce kaɗai ta yi ƙaranci. Babbar riga tana cin awa shida a inji, don haka dubu goma sha takwas ɗin nan in aka raba, dubu uku ce a awa. Kaftani awa ɗaya yake ci, ya bar dubu biyar. Dozin ɗin bajo kuwa minti goma sha biyar ne, a awa ɗaya ana fitar da dozin huɗu, dubu takwas ke nan. Ta daɗe tana kallon lambobin uku. Ta sake lissafin daga farko ko za ta kama kanta da kuskure, ba ta kama ba. Ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin littafi.

Ranar nan inji ya ci awa goma a kan riga ɗaya da rabi da ɗoriya. Kowace ƙarar allura tana jinta a ƙirjinta. Ba wanda ya tambaye ta komai, kuma shiru kawai ake bukata daga gare ta. Alhaji ya gamsu da nasa lissafin, Jamilu bai taɓa raba kuɗi da awa ba a rayuwarsa. Amma ta san ƙarshen hanyar. Manyan riguna za su cinye awa ɗari da tamanin su bar dubu ɗari biyar da arba'in, sauran awa sittin a yi kaftani sittin, dubu ɗari uku. Duka dubu ɗari takwas da arba'in. Haya da albashin ma'aikata da man janareta na wata kuwa dubu ɗari biyar ne, ko me aka ɗinka. Abin da zai rage ba zai kai rabin kuɗin gyaran injin ba. Za su shiga wata na gaba da tsohon inji ɗaya, mutum shida na cin abinci a jikinsa, har da mahaifinta.

Da la'asar suka hau adaidaita ɗaya zuwa gida, ita da shi. Yana ta ba ta labarin rigar wani hakimi da ya yi wa surfanin aska takwas tun tana goye, yadda mutumin ya aiko masa da rago. Ta yi ta cewa “Allah sarki,” ba ta iya haɗa ido da shi ba.

Da safe, kafin a tayar da janareta, ta ajiye takardar a gaban Alhaji.

“Alhaji, akwai abin da ban faɗa ba jiya.”

Ta yi masa bayani a hankali. Alhaji ya yamutsa fuska.

“Yanzu ke nufinki ɗan ƙyallen nan da bai kai tafin hannu ba ya fi babbar riga?”

“A'a, ranka ya daɗe. Da injinan biyu na aiki, lokaci ya ishe mu, duka za mu yi, don kowanne yana barin wani abu. Yanzu awa ce ba mu da ita. Awa shidan da riga ɗaya za ta ci ta bar sha takwas, kaftani zai bar talatin a cikinta, bajo ya bar arba'in da takwas.”

Jamilu ya matso ya karɓi takardar. Idonsa ya buɗe.

“Ci gaba,” ya ce.

“Jiya mun riga mun kashe awa goma, amma a ɗauka lissafin daga farko ne, bambancin kaɗan ne. A fara da bajo, dozin ɗari huɗu, awa ɗari, dubu ɗari takwas. Iyakar abin da aka nema ke nan, ba za a yi fiye da haka ba. Sauran awa ɗari da arba'in a ba kaftani, dubu ɗari bakwai. Miliyan ɗaya da rabi. A cire kuɗin wata, miliyan ɗaya ta rage. Ta isa gyara.”

“Babbar riga fa?” Alhaji ya tambaya.

Daga lungu, Malam Talha ya ajiye allurarsa.

“Ba ta samu awa ba,” in ji Jamilu, yana kallon takardar. “Ko ɗaya.”

Murja ta yi sauri ta jawo wata takardar, wadda ta fi ɓata lokaci a kanta.

“Akwai ɗan sarari, Yaya Jamilu. Duk rigar da muka sa a madadin kaftani shida, dubu goma sha biyu muke rasawa. Bayan gyara kusan dubu ɗari za ta rage mana. Za mu iya yin riga bakwai ko takwas, ba abin da zai hana gyaran.”

“Mu yi asarar dubu goma sha biyu don a biya Malam dubu bakwai?” Jamilu ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin ta wanda ya gano sabon wasa. “Ai gara a ba shi bakwai ɗin ya zauna a gida, mun ci ribar biyar. Ko ba haka lissafin ya ce ba?”

Haka lissafin ya ce. Murja ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

“Kuma wa za mu zaɓa cikin talatin?” in ji Alhaji. “In na yi wa wane na bar wane, na sayi gaba. Gara a mayar wa kowa.”

Murja ta ce, “Ko a ƙara kuɗin, Alhaji. In mai riga zai biya dubu arba'in da biyu, ta yi daidai da kaftani.”

Alhaji ya gwada. A gabansu ya kira mutum biyu a waya. Na farko ya ce ashe tsawa ta faɗo wa aljihun mutane ne. Na biyu, wani tsohon darakta da ya yi shekara goma sha biyar yana kawo ɗinki, ya ce a aiko masa da shaddarsa kafin azahar. Alhaji ya kife wayar a kan tebur.

Sai a lokacin Malam Talha ya yi magana. Bai kalli Alhaji ba, 'yarsa ya kalla.

“Murja, lissafin nan daidai ne?”

“Daidai ne, Baba.”

“Ba kuskure?”

“Na yi shi sau uku.”

“To, Alhaji, a bi shi. Ba don ta riƙa faɗar abin da zai yi mini daɗi na kai ta makaranta ba.”

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya zaro kuɗi, ya ce ga wannan a rage zafi kafin inji ya tashi, wata ɗaya ne kawai. Malam Talha ya dubi kuɗin, ya dubi Jamilu.

“Na zaman gida ne? Allah ya saka da alheri, Alhaji. Ban fara karɓar irinsa ba tukuna.”

Aka ƙarasa riga ta biyu da ke kan inji, ya gama musu aikin hannu, ya karɓi dubu goma sha huɗu. Sauran ashirin da takwas kuwa, da yake shi ya san gidajen masu su, shi aka roƙa ya mayar. Kwana uku yana yawo a adaidaita da shaddodi a cinya, daga Takur zuwa cikin gari, har Jahun ya kai guda huɗu. A kowane gida shi ya tsaya a zaure ya ba da haƙuri, shi aka yi wa tsaki, shi aka tambaya ko Alhaji Mala ya koma ɗinkin 'yan firamare ne. Bai taɓa gaya wa Murja abin da aka faɗa masa ba. A bakin direban adaidaitan ta ji.

Sati huɗun nan inji bai huta ba, kuma komai ya tafi yadda takarda ta ce. Bajo ya yi ta zubowa, kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, ana yankawa ana ɗaurewa dozin-dozin. Shugabannin makarantu suka zo da kuɗi a hannu. Daga nan aka shiga kaftani. Kwana biyu kafin Maulidi makaniki ya dawo da sabuwar ƙwaƙwalwa a kwali, inji na biyu ya tashi. Alhaji ya sa aka sayo tsire da lemo, ya ce a gaban kowa yarinyar nan ta fi maza goma, ya ƙara mata dubu goma sha biyar a albashi. Ta ce ta gode. Buzun mahaifinta na naɗe a lungu, Jamilu ya ɗora kwalayen zare a kai.

A gida kuwa ruwa ya ci gaba da zuba a ɗakin Iyatu, ana tara roba. Malam Talha yana fita masallaci ya dawo ya zauna a ƙofar gida da carbi. Bai canja wa Murja fuska ba, yana amsa gaisuwarta, yana tambayarta aiki. Abin da ya daina shi ne ba ta labari. Da ta kawo ƙarin albashin ta ce a sayi kwano a gyara rufin, sai ya ce ta ba uwarta, su mata sun fi sanin abin da gida ke so. Iyatu ta karɓa, ta ƙirga, ta ce:

“Ke da kika iya lissafi, ba ki iya yin shiru na wata ɗaya ba?”

“Inna, da shagon ya durƙushe fa?”

“Shagon ubanki ne?”

Murja ta ɗauki robar da ta cika ta kai waje ta zubar.

Ta sa ran in inji na biyu ya tashi komai zai koma yadda yake. Makarantu sun gama karɓar bajonsu, Maulidi ya wuce, aiki ya yi sauƙi. Yanzu awa ta yi yawa, inji na biyu yakan yi rabin yini a rufe da zani. Amma babbar riga ba ta dawo ba. Masu ita sun gano hanyar Kano, wasu sun samu wani shago a cikin gari. Wata guda cur ba a kawo ko ɗaya ba. Jamilu kuma ya cire rigar gwaji da ke rataye a gilashin gaba shekara da shekaru, ya jera bajo kala-kala a wurin.

Murja ta ce, “Yaya Jamilu, a mayar da rigar nan. A bi mutanen nan gida a ba su haƙuri.”

“Don dubu uku a awa? Ke kika ce ita ce ta ƙarshe.”

“Na ce ita ce ta ƙarshe lokacin da awa ta yi mana kaɗan. Yanzu ga inji can a rufe. Awar da yake zaune ba ta kawo ko sisi. Dubu uku ta fi babu.”

“Kin cika juya magana,” ya ce. “Ni takardarki na riƙe. Sati mai zuwa zan zaga makarantun Kiyawa da Birnin Kudu.”

Ta kai maganar gaban Alhaji. Ya saurare ta, ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya ne, za a duba. Sai dai shi ma kunyar mutanen yake ji, ba ya son taka ƙofar gidan da aka yi wa ɗan aikensa tsaki. Ba a duba ba.

A ƙarshen watan Oktoba Malam Talha ya ɗaure tsohon keken ɗinkinsa na ƙafa a bayan motar haya ya tafi Jahun, wurin ƙaninsa Muhammad mai rumfar yadi a kasuwa. Aka ba shi gefen rumfa. Yana yi wa mata dajiyar bakin zani, yana rage wa manoma tsawon wando, yana yin faci, naira ɗari biyu, ɗari uku. Ran Alhamis da yamma yake dawowa Dutse, ya koma Asabar da sassafe.

Ana cikin haka wata Talata wani ɗan kasuwar riɗi ya shigo shagon da farar shadda mai tsada, zai aurar da 'ya, yana son babbar riga mai cikakken aiki, kuma ya ce an gaya masa akwai wani dattijo a nan da ba a kai shi cin wuya ba. Alhaji ya washe baki.

“Murja, kira Malam. Ce masa aiki ya dawo.”

Ta fita bakin titi da wayar. Sai da ta yi ƙara sau biyar ya ɗauka. Tana jin hayaniyar kasuwa a bayansa, da wata mata tana cewa a yi mata sauri motarsu za ta tashi.

“Baba, ina wuni. An kawo babbar riga. Alhaji ya ce ka zo.”

“Guda nawa?”

“Ɗaya ce. Amma in aka fara…”

“Kuɗin mota zuwa da dawowa, ga kwana biyu da zan bar rumfa. Ke ma kin san ba ta fita.” Ya yi tari. “Ki gaishe da Alhaji, ki ce na gode da ya tuna da ni. Akwai zannuwan mutane a gabana, na yi musu alkawarin la'asar.”

“Baba, don Allah.”

“Allah ya yi miki albarka, Murja. Ki koma bakin aikinki, kada a neme ki.”

Ya kashe wayar. Ta tsaya a rana har wani mai adaidaita ya tsaya yana tambayarta ina za ta. Ta girgiza masa kai ta koma ciki.

“Yaushe zai zo?” Alhaji ya tambaya.

“Ba zai samu zuwa ba, Alhaji.”

Jamilu ya ce ba komai, in inji ya gama nasa sai a ba direba ya kai Kano, akwai masu aikin hannu a can, dubu goma suke karɓa. Ya ce ta rubuta. Murja ta zauna, ta jawo littafi, ta rubuta sunan mai rigar da ranar da zai karɓa.